Idan Imel Ya Dawo: Yadda Ake Karanta Lambobin Rahoton Gazawa

Imel ɗin da bai kai ga mai shi ba yakan haifar da wani saƙo na biyu, wanda ke shigowa akwatin mai aikawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci kuma bayan kwanaki. Ba mutum ne ya rubuta wannan saƙon ba. Manhajar da ke jigilar imel ce ta haɗa shi, shi ya sa sunan mai aiko shi ke fitowa a matsayin `MAILER-DAEMON`, ko `Mail Delivery Subsystem`, ko `postmaster`. Kanun da ke kansa ya danganta da gidan imel ɗin: wani ya ce `Undelivered Mail Returned to Sender`, wani ya ce `Delivery Status Notification (Failure)`, na Microsoft kuma yakan fara da `Undeliverable:`. Mafi yawan mutane da sun ga tarin Turanci da lambobi sai su goge shi, su sake danna aikawa. Alhali kuwa a cikin tarin nan akwai layi guda da ke faɗin abin da ya faru, da wanda gyaran ke hannunsa, da kuma ko jira ya kamata a yi ko a tashi a yi wani abu.

Yadda imel ke tafiya

Saƙo ba ya tashi daga wayar mai aikawa ya faɗa wayar mai karɓa kai tsaye. Yana fara shiga wata babbar kwamfuta ta gidan imel ɗin mai aikawa, wadda ake kira saba. Sabar takan dubi ɓangaren adireshi da ke bayan alamar `@`, ta bincika rijistar sunayen intanet don ta gano wace saba ce ke karɓar wasiƙun wannan gida, sannan ta tuntuɓe ta. Abin da ke biyo baya tattaunawa ce gajera, bisa wata ƙa'ida mai suna SMTP da Jon Postel ya tsara a 1982, aka kuma sabunta ta har zuwa takardar RFC 5321 ta 2008. Mai kawo saƙo ta faɗi daga wa yake, ta faɗi ga wa za shi, sannan ta nemi izinin miƙa abin da ke ciki. Duk maganar da ta yi, sai mai karɓa ta amsa da lamba mai alƙaluma uku da ɗan bayani.

```
MAIL FROM:<musa@example.com>
250 2.1.0 Ok
RCPT TO:<ofis@example.org>
550 5.1.1 <ofis@example.org>: Recipient address rejected: User unknown
```

A wannan tattaunawa an amince da mai aikawa, amma da aka ambaci mai karɓa sai aka ƙi. Saƙon kansa bai ma tsallaka ba, domin ba a kai ga matakin miƙa shi ba. Daga nan sabar mai aikawa ce za ta rubuta rahoto, ta kwafo amsar da aka ba ta, ta jefa a akwatin mutuminta. Saboda haka rahoton gazawa yakan ƙunshi murya biyu: ta sabar gida da ke ba da labari cikin lafazi mai sauƙi, da ta sabar waje da aka kwafo maganarta. Ta biyun ita ce hujja. Bayanin da ke saman rahoto fassara ce kawai da gidan imel ya yi wa amsar, kuma fassarar kan yi faɗi fiye da ainihin dalilin. Ana samun maganar sabar waje bayan kalmar `said:`, ko ƙarƙashin `The response was:`, ko a layin da ya fara da `Diagnostic-Code:`.

Alƙalamin farko shi ke yanke hukunci

A lambar mai alƙaluma uku, na farko ya fi sauran nauyi. Idan 2 ne, an karɓa. Idan 4 ne, an ƙi amma na ɗan lokaci, kuma ana sa ran a sake gwadawa. Idan 5 ne, an ƙi ƙin ƙarshe, kuma sake aiko saƙon yadda yake ba zai sauya komai ba. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya riga ya san rabin abin da rahoton ke cewa.

Abin da sabar mai aikawa ke yi da amsoshin biyu ya sha bamban ƙwarai. Amsar 5 takan sa ta janye nan take ta rubuta rahoto, shi ya sa irin wannan saƙo ke dawowa tun mutum bai ajiye waya ba. Amsar 4 kuwa takan sa ta ajiye saƙon a layi ta riƙa gwadawa lokaci bayan lokaci. RFC 5321 ta ba da shawarar a ci gaba da gwaji aƙalla kwana huɗu zuwa biyar kafin a haƙura, kuma manhajar Postfix, wadda sabobi da dama ke aiki da ita, kwana biyar take ɗauka idan ba a sauya mata saiti ba. A tsakanin wannan lokaci wasu gidajen imel kan aiko da sanarwar jinkiri, mai ɗauke da kalmar `Delay` ko `delayed`. Wannan sanarwa ba ta nufin saƙo ya mutu. Wanda ya sake aikawa a wannan mataki ya ƙara kwafi ne a layi, kuma ran da hanya ta buɗe duka za su sauka tare a akwatin mai karɓa.

Lambobin asali ba su da yawa, kuma an ɗora wa kowace kaya fiye da ƙarfinta. Lambar 550 kaɗai tana iya nufin babu irin wannan akwati, ko an rufe shi, ko an hana mai aikawa shiga. Lambar 452 na nufin wurin ajiya ya gaza, 552 na nufin an wuce rabon wurin da aka ware, 554 kuma ba ta ce komai ba illa dai lamarin bai yiwu ba. Don cike wannan giɓi aka ƙirƙiro lamba ta biyu a 1996, aka sabunta ta a RFC 3463 ta 2003. Ita ce wadda ke da ɗigo biyu a tsakani, irin su 5.1.1 ko 4.2.2, kuma tana zuwa ne daf da ta farkon.

Ana karanta ta daga hagu zuwa dama. Kashi na farko yana maimaita hukunci, wato 4 na wucin gadi, 5 na dindindin. Na tsakiya yana nuna inda matsalar take: 1 adireshi ne, 2 akwatin mai karɓa ne, 3 ita kanta sabar ce, 4 hanya ce tsakanin sabobi, 7 kuma tsaro ne da dokokin gidan. Akwai 5 da 6 da suka shafi ƙa'idar tattaunawa da zubin saƙo, amma ba kasafai mai amfani na yau da kullum ke gamuwa da su ba. Kashi na ƙarshe shi ke faɗin takamaiman abin. Don haka 5.1.1 na cewa: ƙin dindindin, matsalar adireshi, sunan da ke gaban `@` ba ya nan. Ita kuwa 5.1.2 na cewa ɓangaren da ke bayan `@` ne bai inganta ba.

Akwati ya cika

Lambar cikar akwati tana ƙarewa da 2.2, kuma tana zuwa da fuska biyu: `452 4.2.2` da `552 5.2.2`. Bayanin da ke biye da ita yakan ƙunshi `mailbox full`, ko `over quota`, ko `out of storage space`. Akwatin da ake magana a kai na mai karɓa ne. Mutane da yawa kan ga wannan rahoto su koma goge nasu saƙonni, ko su rage hotunan da ke wayarsu, wanda babu abin da zai ƙara ko ya rage. Haka kuma wurin da ya cika ba ma'ajiyar wayar mai karɓa ba ce, rabon da gidan imel ya ware wa asusunsa ne a kan saba.

Ga misali a aikace. A ɗauka wata mai neman aiki ta aika takardunta zuwa wani ofis ranar Litinin da safe. Da yamma ta ga sanarwa, a ƙasanta akwai waɗannan layuka:

```
Final-Recipient: rfc822; ofis@example.org
Action: delayed
Status: 4.2.2
Diagnostic-Code: smtp; 452 4.2.2 Mailbox full
```

Layin farko ya nuna adireshin da abin ya shafa. Wannan yana da amfani idan an aika wa mutane da yawa, domin rahoton ya shafi wanda aka ambata ne kawai, sauran suna iya kasancewa sun samu. Layi na biyu ya ce an jinkirta, ke nan saƙon na nan a layi. Na uku ya ce matsalar ta wucin gadi ce kuma a akwatin mai karɓa take. Akwai kuma albishir da ba a rubuta ba: adireshin daidai yake, domin akwatin da babu shi ba ya cika. Abin da ya rage wa mai neman aikin shi ne ta sanar da ofishin ta waya ko ta wata hanya cewa akwatinsu ya cika. Idan suka rage kaya ranar Talata, saƙon zai shiga da kansa a gwaji na gaba ba tare da ta sake yin komai ba.

Idan kuwa ba su rage ba har wa'adi ya ƙare, rahoto na biyu zai iso wajen ranar Asabar, kuma layin `Action:` zai koma `failed`. Nan akwai wani abu mai rikitarwa. Wasu sabobi kan bar lambar a 4.2.2 duk da sun haƙura, domin ita ce amsa ta ƙarshe da aka ba su, wasu kuma su sauya ta zuwa 4.4.7 ko 5.4.7, wato lokacin isarwa ya ƙare. A irin wannan hali layin `Action:` ne abin dogaro. Da zarar ya ce `failed`, an cire saƙon daga layi, kuma ko da an share akwatin bayan awa ɗaya ba zai taɓa isa ba sai an sake aiko shi. Shi ma mai akwatin ya kamata ya san haka: wasiƙun da aka mayar a lokacin da akwatinsa ke cike ba a ajiye masa su a wani wuri ba.

RFC 3463 ta so a ɗauki cikar akwati a matsayin matsalar wucin gadi, tun da mai shi na iya rage kaya a kowane lokaci. Duk da haka sabobi da yawa kan mayar da 5.2.2 tun a gwajin farko. Gmail na amfani da duka biyun, kuma bayanin da ke tare da 5.2.2 ɗinsa yana ƙara da cewa asusun ba ya aiki. Idan adireshi ya ci gaba da mayar da 5.2.2 mako bayan mako, mafi kusa da gaskiya shi ne mai shi ya daina duba shi, kuma neman sabon adireshinsa ya fi jira.

Dalilin cikar akwatin Gmail ya cancanci ɗan bayani, domin shi ne imel ɗin da kusan duk mai wayar Android ke da shi. Asusun Google na kyauta yana da gigabait 15, kuma rabon nan ɗaya ne tsakanin Gmail da Drive da Photos. Tun 1 ga Yunin 2021 sababbin hotunan da ake ajiyewa a Photos ke cin wannan wuri, kuma daga 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga lissafi. Sakamakon haka mutumin da bai fi wasiƙu kaɗan a akwatinsa ba yana iya daina karɓar imel saboda bidiyon biki da suna da wayarsa ke ɗorawa ba tare da ya lura ba. Shafin `one.google.com/storage` yana nuna abin da ya cinye wurin. Idan wasiƙu ne, rubuta `larger:10M` a gurbin bincike na Gmail zai fito da manyan cikinsu. Goge su kaɗai bai wadatar ba, domin abin da ke `Trash` da `Spam` yana ci gaba da cin wuri har kwana 30 idan ba a kwashe shi da hannu ba.

Akwai wata matsala mai kama da wannan da ake yawan haɗa su. Lambar 552 tana fitowa kuma idan saƙon ne ya yi nauyi, amma a lokacin lamba ta biyu za ta zama 5.2.3 ko 5.3.4. A nan gyaran na hannun mai aikawa. Gmail na barin a liƙa fayil har megabait 25, wasu gidajen kuma ba su kai haka ba, kuma sauya fayil zuwa zubin da imel ke ɗauka yana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Fayil mai megabait 9 na iya gaza shiga gidan da iyakarsa 10 ce.

An ƙi adireshin mai karɓa

Jimlar `Recipient address rejected` ta fi cikar akwati ruɗarwa, domin mai karatu yakan ɗauka ta riga ta faɗi dalili. Abin da take faɗa kawai shi ne matakin da aka yi ƙin, wato lokacin da aka ambaci mai karɓa. Dalilin yana bayan ɗigo biyun da ke biye da ita, kuma yana iya zama abubuwa da ba su da alaƙa da juna.

Idan abin da ya biyo baya `User unknown` ne tare da 5.1.1, an sami gidan amma babu mai wannan suna a cikinsa. Gmail na faɗin haka da kalmomin `does not exist`. Mafi yawa kuskuren rubutu ne: harafi ya faɗi, an sa sifili a wurin harafin o, ko an rikita `-` da `_`. Sunayen Hausa suna da saurin jawo wannan, domin suna ɗaya kan sami rubutu uku ko huɗu, kamar Muhammad da Mohammed da Muhammadu, kuma adireshin da aka karanto ta waya ba ya nuna wanne ne. Wurin dubawa shi ne adireshin da rahoton ya kwafo, harafi bayan harafi, ba wanda mutum ke zaton ya rubuta ba. Wayoyi da manhajojin imel kan riƙe adireshin da aka taɓa rubutawa da kuskure su riƙa miƙo shi kowane lokaci, don haka sai an goge shi daga jerin da suke ba da shawara. A adireshin `gmail.com` ɗigo ba ya kawo bambanci, amma a wasu gidajen yana kawowa. Idan rubutun daidai ne kuma da can saƙo na shiga, to an goge akwatin: ma'aikaci ya bar aiki, ɗalibi ya kammala karatu, ko asusun ya daɗe ba a taɓa shi ba. Google ya sanar a 2023 cewa yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Akwatin da aka dakatar amma ba a goge ba yakan mayar da 5.2.1.

Idan kuwa bayanin ya ce `Domain not found`, ko lambar ta zama 5.1.2 ko 5.4.4, gidan ne ba a samu ba. Ko dai an yi kuskure a bayan `@`, kamar a rubuta `.con` a madadin `.com` ko a manta `.ng` a ƙarshen `edu.ng`, ko kuma rajistar sunan gidan ta ƙare ba a sabunta ba. Kuskure a wannan ɓangare yana da wani haɗari na daban: idan sunan da aka rubuta bisa kuskure mallakar wani ne, saƙon na iya shiga hannunsa ba tare da wani rahoto ya dawo ba.

Wani zubi da ke yawan fitowa daga ma'aikatu da jami'o'in da ke amfani da Microsoft 365 shi ne `550 5.4.1 Recipient address rejected: Access denied`. Kalmomin suna sa mutum ya ji kamar shi aka toshe, lambar kuma ta nuna matsalar hanya. Amma a mafi yawan lokuta ma'anarta ita ce adireshin ba ya cikin kundin ma'aikatan wurin, wato daidai da 5.1.1. Wannan ya nuna iyakar lambobin: ƙa'ida ta tsara ma'anarsu, amma kowane gida yana da ikon zaɓen wadda zai mayar. Shi ya sa ake haɗa lamba da bayani da sunan sabar da ta yi maganar, wanda ke layin `Remote-MTA:` ko bayan kalmar `host`.

Jimlar tana iya zuwa da 4 ma. `450 4.2.0 Recipient address rejected: Greylisted` dabara ce ta kare kai daga saƙonnin banza: sabar na ƙin baƙon da ba ta sani ba a karon farko, ta karɓe shi idan ya dawo bayan 'yan mintoci, domin saba ta ƙwarai za ta dawo, injinan tura tarkace kuwa sau da yawa ba sa dawowa. Mai aikawa ba shi da abin yi a nan.

Idan alƙalamin tsakiya ya zama 7, hankali ya koma kan mai aikawa, ko da bayanin ya ambaci adireshin mai karɓa. Lambar 5.7.1 na nufin dokar gidan ta hana: akwatin na ma'aikatan cikin gida ne kaɗai, ko sabar mai aikawa ta shiga jerin waɗanda ake zargi da tura tarkace, ko an saita manhajar imel ba tare da shiga da kalmar sirri ba, wanda kan fito da `Relay access denied`. Lambar 5.7.26 da Gmail ke mayarwa na nufin gidan mai aikawa bai kafa shaidun da ke tabbatar da cewa saƙon daga gare shi ya fito ba, waɗanda ake kira SPF da DKIM. Mai amfani ba zai iya gyara wannan daga wayarsa ba. Abin da zai yi shi ne ya tura rahoton gaba ɗaya ga mai kula da imel na ma'aikatarsa, ba hoton rabin allo ba, domin sunan saba da lokaci da lambar shaidar saƙo su ne abin da za a bi a rijista.

Rahoton saƙon da ba a aika ba

Wani lokaci rahoton gazawa kan iso kan wasiƙar da mai akwati bai taɓa rubutawa ba. Ƙa'idar SMTP ta asali ba ta hana kowa sa adireshin wani a matsayin mai aikawa ba, don haka masu tura tarkace kan ari adireshin mutane, kuma idan saƙonninsu suka gaza, rahoton ya koma wa mai adireshin. Ganin irin wannan ba lallai ne ya nuna an kutsa asusu ba. Abin dubawa shi ne jakar `Sent` da jerin na'urorin da suka shiga asusun kwanan nan. Idan akwai saƙo ko na'urar da ba a sani ba, a sauya kalmar sirri nan take a kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Akwai kuma rahoton ƙarya da 'yan damfara ke haɗawa, mai cewa akwatin mai karatu ya cika ko an tsare masa wasiƙu, sai ya danna wani maɓalli ya shigar da kalmar sirri a sake su. Rahoton gaske yana magana ne kan saƙon da aka aika, yana ambaton adireshin da aka aika wa, yana kwafo amsar saba da lambarta, kuma sau da yawa yana haɗo kanun asalin saƙon. Yana iya ƙunsar mahaɗi zuwa shafin taimako, amma ba ya neman kalmar sirri. Wanda ke shakkar ko nasa akwatin ya cika sai ya rufe saƙon, ya buɗe saitin asusunsa da kansa ya duba yawan wurin da ya rage.